Kalmar da ke kan kibiya

Ƙanwata tana iya jero gaɓoɓin narkar da abinci daga baki har dubura da numfashi ɗaya. Idan ka tashe ta daga barci ma za ta jero maka su. Amma da sakamakon jarrabawarta ya fito bara, D7 ta samu a Bayoloji, ita kuwa makarantar koyon aikin lafiya da take buri a Daura sai da kiredit ake shiga. Bana Baba ya sayar da buhu biyu na gero ya sake yi mata rajistar NECO. Bai yi dogon bayani ba, amma duk wanda ke gidan ya san cewa ba za a sayar da wani geron a karo na uku ba.

Da na koma Baure hutun ƙarshen zango, a tsakiyar bazara, ko jakata ban gama kwancewa ba Baba ya kira ni. Ya ce, "Tunda ke ce mai karatun kimiyya a gidan nan, ga 'yar'uwarki nan." Na ce, "To Baba, in sha Allahu." Iyakar abin da muka ce ke nan, amma na kwana da shi a raina.

Washegari muna karya kumallo da koko da ƙosai, sai na ɗaga ƙosai guda na tambaye ta, "Me hanta take yi wa wannan?" Ba ta ko yi tunani ba ta ce, "Wucewa yake ta cikinta, Yaya, bayan ya fito daga tumbi." A nan na ga inda D7 ɗin ya fito. Sunayen duk suna kanta, sai dai a jere suke kamar ƙauyukan da ke kan hanyar Daura zuwa Baure, wannan na bin wancan. Abin da wata gaɓa take yi wa wata kuwa, babu shi ko kaɗan.

A nan makaranta akwai malaminmu da ya taɓa sa mu yin abin da ake kira konsef maf, wanda ni nake ce wa taswirar alaƙa. Wani masani mai suna Joseph Novak ne ya fito da dabarar a Jami'ar Cornell ta Amurka a 1972, lokacin da yake bin diddigin yadda fahimtar yara game da kimiyya take canzawa. Ya gina ta a kan ra'ayin David Ausubel cewa sabon ilimi ba ya zama sai ya sami abin da zai maƙale wa cikin abin da mutum ya riga ya sani. Siffarta mai sauƙi ce. Ana rubuta kalmomi a cikin akwatuna, a haɗa akwati da akwati da kibiya, a rubuta wata kalma a kan kibiyar, ta yadda idan aka karanta akwatin farko da kibiya da akwati na biyu za a sami jimla mai ma'ana. Na ce wannan ne maganin ƙanwata. Na ce ta gayyato ƙawayenta da za su zauna jarrabawar tare, suka zo su biyar, da ita shida.

Zaman farko faɗuwa na yi, kuma laifina ne. Na yanka kwalin taliya na yi kati tara, na rubuta baki, maƙoshi, tumbi, ƙaramin hanji, babban hanji, dubura, hanta, matsarmama da fankiriyas. Na karya tsinkayen tsintsiya su zama kibau, na shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar tsakar gidanmu, na ce su haɗa. Cikin minti huɗu sun gama. Layi ɗaya suka yi miƙaƙƙe, kibiya takwas, suka cusa hanta da matsarmama da fankiriyas tsakanin tumbi da ƙaramin hanji. Na ce su faɗa mini abin da kowace kibiya take nufi. Amsa ɗaya ce sau takwas: "yana zuwa." Suka dube ni suna jiran yabo.

Da dare na zauna ina juya katunan, sai na gane abu uku. Na farko, duk katunan da na ba su iri ɗaya ne, sunayen wurare ne kawai. Idan ka ba mutum sunayen garuruwa zalla, ai ba abin da zai zana maka sai hanya. Na biyu, ban ba su tambayar da taswirar za ta amsa ba, na dai ce "ku haɗa." Na uku, na bar kibau ba rubutu, alhali a kan kibiyar ne ilimin yake. Abin da na shirya musu ba taswirar alaƙa ba ce, haddar da suka saba ce na mayar kan tabarma.

Sai na sake shiri daga tushe, na fara da tambaya. Na rubuta ta da manyan baƙaƙe a bayan wata tsohuwar kalanda: "Ta yaya koko da ƙosan da na ci da safe suke zama abin da jinina zai iya ɗauka?" Na zaɓi wannan abincin ne don kowa ya ci shi ranar, kuma yana ɗauke da abubuwa ukun da darasin ya dogara a kansu: sitaci a cikin koko, furotin a cikin waken ƙosai, da man da aka soya shi. Tambayar kuma ta ƙare a jini, ba a dubura ba. Wannan da gangan ne, don a janye hankalinsu daga bin bututu zuwa ga abin da ake yi wa abincin.

Daga nan na yi sababbin katuna ashirin, iri daban-daban. Uku na abinci: sitaci, furotin, mai. Shida na wurare: baki, tumbi, ƙaramin hanji, hanta, matsarmama, fankiriyas. Uku na ruwaye: miyau, asid, da ruwan ɗacin da hanta ke yi. Huɗu na enzayim, wato sinadaran da ke farfasa abinci: amiles, fefsin, tirifsin da lifes. Uku na abin da ake samu a ƙarshe: gulukos, amino asid da fati asid. Na ashirin shi ne jini. Na ƙara kati huɗu da ban rubuta komai a kansu ba, na ce duk lokacin da suka ji jimla ta ƙi haɗuwa don wata kalma ta ɓace, su rubuta ta da kansu. Jimilla 24 ke nan, su Novak kuwa suna ba da shawarar a fara da kalmomi 15 zuwa 25. Idan sun yi kaɗan layi ake samu, idan sun yi yawa mutum ya rasa ta inda zai kama. A gaban kowane kati Hausa na rubuta, a bayansa kuma Turanci, tunda da Turanci za su amsa jarrabawa.

Wajen katin fankiriyas sai da muka ɗan tsaya. Ɗaya daga cikinsu ta ce ai wannan saifa ce. Na ce a'a, mutane da yawa suna wannan kuskuren. Saifa daban take, can gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari, aikinta na tace jini ne da kariyar jiki, ba ta zuba komai a cikin hanji. Fankiriyas kuwa tana kwance a bayan tumbi, tana da bututun da ke zuba ruwanta a farkon ƙaramin hanji. Muka bar mata sunanta na aro, don gara baƙon suna da sunan da zai kai mutum wani wuri.

Dokoki uku na kafa. Kowace kibiya sai an ɗora mata 'yar takarda mai ɗauke da aikatau. An haramta "yana zuwa," da "yana da alaƙa da," da "yana taimakon," domin kalmomi ne da mutum ke fakewa a bayansu idan bai sani ba. Sannan duk wadda ta ajiye kibiya sai ta karanta jimlar da ƙarfi, idan wata ta ce "ban yarda ba," ba za a ci gaba ba sai an warware. Na raba su gida biyu, uku-uku, kowane gida da katunansa da tabarmarsa, na ba su tsakuwa su danne katunan saboda iska.

Minti goma na farko shiru ne. Wadda ta gama layi cikin minti huɗu jiya, yau ta riƙe katin hanta tana juya shi, ta rasa inda za ta ajiye. Na so in taimaka, na danne zuciyata. Daga ƙarshe wata ta ajiye tsinke tsakanin hanta da ruwan ɗaci, ta rubuta "tana ajiye." Ƙanwata ta ce ba ta yarda ba, amma ta kasa faɗin dalili. Inna tana gefe tana gyaran kayan miya, ashe tana jin mu. Ta ce, "Ku ba ku taɓa gyara kaza ba ne? Ɗacin ai a cikin 'yar jakar nan yake da ke manne da hanta. In ta fashe, naman ya ɓaci." Shi ke nan, jimla biyu suka fito: hanta tana yin ruwan ɗaci, matsarmama tana ajiye shi. Ta uku ta biyo baya, matsarmama tana zuba shi a ƙaramin hanji. Na tambaye su, "To ina ƙosan ya shiga hanta a nan?" Suka duba tabarma. Babu kibiyar da ta kai shi can. Da hannunsu suka janye hanta da matsarmama da fankiriyas gefe guda, suka bar su suna harbo kibau cikin hanji daga waje. Ban ce musu abinci ba ya bi ta hanta ba, tabarmar ce ta ƙi ba su hanya.

Gardama ta biyu a kan mai aka yi ta. Gida ɗaya suka rubuta cewa ruwan ɗaci "yana narkar da" mai, suka kuma rubuta cewa lifes ma "yana narkar da" mai. Na ce idan aikinsu ɗaya ne, me ya sa jiki zai wahalar da kansa da abu biyu? Na ɗauko gorar ruwa, na zuba cokali biyu na man gyaɗa, na girgiza. Ba a jima ba man ya taru a sama. Na barbaɗa ɗan omo na sake girgizawa, ruwan ya yi fari, man ya watse ya zama ɗigo-ɗigo. Na tambaye su ko man ya daina zama mai. Suka ce a'a, yana nan, rarrabuwa kawai ya yi. To wannan shi ne aikin ruwan ɗaci. Babu enzayim a cikinsa, tarwatsa mai yake yi ya zama ƙananan ɗigo, don lifes ɗin da fankiriyas ta aiko ya sami fili mai yawa da zai kama. Lifes ne yake sauya man ya koma fati asid da gilisarol. Suka cire takarda ɗaya suka rubuta "yana tarwatsa," suka mayar da ɗayar "yana farfasa." Bambancin kalma biyu ne kawai, amma a nan ake samun maki, a nan kuma ake zubar da shi.

Ana cikin haka akuyar Inna ta lallaɓo ta ɗauke katin sitaci na gida na biyu, kafin a ankara ta cinye rabi. Aka yi ta dariya. Wata ta ce, "Yaya, ita ta iya narkar da kwali ke nan?" Na ce ta iya, amma ba da ƙarfinta ba, ƙananan halittun da ke cikin tumbinta ne suke yi mata aikin. Mu ba mu da enzayim ɗin da ke farfasa irin wannan, shi ya sa dusar gero da ɓawon wake suke wuce ƙaramin hanji ba a narkar da su ba. Sai ta ce, to ina suke tafiya, tunda ba za su shiga jini ba? Ta ɗauki farin kati na farko ta rubuta "babban hanji," ta ja kibiya zuwa jini ta rubuta "yana mayar da ruwa cikin." Na sake yanka wani katin sitaci ban ji haushin akuyar ba.

A zama na uku muka bi sitacin koko. Farkon hanyar kowa ya sani: baki yana fitar da miyau, miyau yana ɗauke da amiles, amiles yana farfasa sitaci. Daga nan duka gidajen biyu suka ja kibiya kai tsaye zuwa gulukos. Na ce su buɗe littafinsu su duba abin da amiles ke samarwa. Maltos ne, wato gulukos biyu a haɗe, kuma sai wani enzayim da ke jikin bangon ƙaramin hanji, maltes, ya raba su. Farin kati na biyu da na uku suka tafi nan. Da ma da gangan na ɓoye waɗannan biyun, don na san wurin da ake tsallakewa ne, kuma wanda ya faɗa rami ya fito da kansa ba ya mance inda yake.

Sai na jefa musu tambayar da na fi so. Na ce koko sha ake yi, ba a taunawa, daƙiƙa nawa yake yi a baki? Suka ce ko biyar ba ya kaiwa. Na ce to idan ya isa tumbi, amiles ɗin miyau zai ci gaba da aiki? Nan aka rabu. Wasu suka ce tumbi ai shi ne babban wurin narkarwa, komai a can ake gamawa. Na ce su nemi kibiyar da za ta haɗa katin asid da katin amiles. Katunan biyu suna nesa da juna, ɗaya a reshen furotin, ɗaya a reshen sitaci, sai da aka haɗa tsinke uku kafin kibiyar ta kai. Bayan an daɗe ana ja, aka rubuta "yana dakatar da." Haka abin yake. Amiles ɗin miyau yana aiki ne a wurin da babu tsami sosai, wajen pH 7, ruwan tumbi kuwa yana sauka wajen pH 2. Wannan tsamin da ya kashe wa amiles kasuwa, shi ne fefsin yake buƙata kafin ya fara yanka furotin ɗin wake gunduwa-gunduwa. Asid ɗaya, kibiya biyu, ɗaya ta ce "yana dakatar da," ɗaya ta ce "yana tayar da." Daga nan da kansu suka gano dalilin da ya sa fankiriyas take sake aiko da nata amiles ɗin cikin ƙaramin hanji, tare da ruwa mai kashe tsami, inda tirifsin kuma zai ɗora daga inda fefsin ya tsaya. Mafi yawan sitacin kokon a hanji ake narkar da shi, ba a baki ba.

Irin wannan doguwar kibiyar da ke tsallakawa daga reshe zuwa reshe ita ce ta fi komai daraja a taswira. A littafin da Novak ya rubuta tare da Gowin a 1984, maki 1 suke ba jimla mai kyau, amma irin wannan kibiyar maki 10 suke ba ta. Ni na rage, na mayar da ita 3, don na ga idan na ce 10 za a bar gini a koma farautar dogayen kibau. Dalilin fifita ta dai a fili yake: gajeriyar kibiya ana iya haddace ta daga allo, doguwa kuwa sai wanda ya riƙe abu biyu a kansa lokaci guda.

Yanzu ga inda aka kama ni. Ana dab da tashi, na zagayo tabarmar su ƙanwata, sai na hango tsinke ya taso daga ƙaramin hanji ya nufi hanta. Raina ya ɓaci. Kwana uku muna fama, ga shi ta sake mayar da abinci cikin hanta. Na sa hannu na ɗauke tsinken, na ce, "Ke wai sau nawa za a faɗa miki?" Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, amma muryarta ba ta rawa ba. Ta ce, "Yaya, kin karya dokarki. Ba ki bari na karanta ba." Ƙawayenta suka yi tsit. Na ɗauki 'yar takardar da ta faɗi a kan tabarma. Ta rubuta: "yana aika gulukos da amino asid ta cikin jini zuwa."

Gaskiyarta ne, ni ce na yi kuskure. Abincin da ba a narkar ba ba ya shiga hanta, amma abin da bangon hanji ya tsotsa, hanta ce zangonsa na farko. Cikin ƙaramin hanji, wanda tsawonsa ya kai wajen mita 6, cike yake da 'yan tsirarrakin nama kamar gashin tawul, kowanne da ƙananan hanyoyin jini a cikinsa. Su ne suke kwashe gulukos da amino asid, su tattara su cikin wata babbar jijiya da ake kira jijiyar fotal, ita kuma ta miƙe sai hanta. A can ne hanta take ajiye rarar gulukos ta mayar da shi gilaikojin. Ashe tsakanin hanta da hanji kibiya biyu ce, kowace da inda ta fuskanta: ɗaya ta kai ruwan ɗaci, ɗaya ta dawo da abin da aka tsotsa. Ni na kafe a kan kuskuren da na zo gyarawa, har na kasa ganin ta wuce ni. Na mayar da tsinken inda yake, na ce, "Ki yi haƙuri, ke ce da gaskiya." Inna daga bakin murhu ta ce, "To, malama ma an ba ta darasi."

Wannan kibiyar ce ta cinye farin kati na ƙarshe. Wata ta tambaya ko fati asid ma wannan hanyar yake bi. Muka duba littafi tare, wannan karon har da ni. Mafi yawan mai ba ya shiga jijiyar fotal. A tsakiyar kowane ɗan tsiro akwai wata hanya daban mai ɗaukar ruwan limf, ita ce take kwashe shi, sai can kusa da wuya take juye shi cikin jini. Aka rubuta "limf" a katin, taswira ta cika. Da muka ƙirga ta gidan su ƙanwata, kibiya 27 ce, 23 daidai, huɗu daga cikinsu masu tsallaka reshe. Ranar farko kibiya takwas suka yi, duk da kalma ɗaya.

Kada in yaudare ku, akwai abin da taswirar ba ta yi ba. Ba ta koya wa kowa zana hoton bututun abinci da sa wa sassansa suna, wannan sai da muka ware masa rana daban. Ba ta koya rubuta kalmomin Turanci daidai, shi ya sa a zama na huɗu muka kifa katunan duka, aka sake ginawa da Turanci, aka karanta kowace jimla da Turanci. Nan ma wasu jimlolin da suka tsaya da ƙafarsu a Hausa sai da suka yi ɗingishi. Tana kuma cin lokaci, kowane zama sai da ya kai awa ɗaya da rabi. Babban haɗarinta shi ne aikin gayya yana ɓoye mai rauni. A gida na biyu na lura yarinya ɗaya ce take ajiye kusan duk kibau, sauran biyun suna gyaɗa kai. Taswirarsu ta yi kyau, amma ta mutum ɗaya ce. Maganin da na samu shi ne a riƙa ajiye kibiya bi da bi, kuma wadda ke kusa da mai ajiyewa ce za ta kare jimlar idan an ƙalubalance ta.

Gwajin ƙarshe ba tabarma, ba kati. Kowacce na ba ta farar takarda da minti 15, ta zana taswirar daga kanta, sannan ta zaɓi hanya ɗaya, ko ta sitaci ko ta furotin ko ta mai, ta mayar da ita sakin layi kamar yadda za ta amsa a jarrabawa. A nan ake gane wadda ta fahimta da wadda ta haddace hoton tabarma. Mai hadda tana tuna inda kowane akwati yake, amma kibanta sai su fito tsirara, ko ta koma wa "yana zuwa." Biyu daga cikin shidan haka suka yi, muka ƙara zama da su. Ɗaya kuma na hana ta kwafe taswirar ƙawarta a littafi, na ce taswirar da wani ya gama ba ta da bambanci da jerin da ke allo, amfanin yana wajen gardamar da aka yi kafin a ajiye tsinken.

Da na dawo makaranta na buɗe littafina na kwas ɗin da ya fi ba ni wuya, sai na ga nawa bayanan ma cike suke da kibau marasa rubutu. Na ɗauki biro na gwada sa wa kowace aikatau, a shafi ɗaya kawai na maƙale sau biyar. Abin da na yi wa ƙanwata faɗa a kansa, ashe ni ma da shi nake shiga ɗakin jarrabawa.

Har lokacin da nake wannan rubutu sakamakonsu bai fito ba, kuma narkar da abinci babi ɗaya ne cikin babi masu yawa. Shekaranjiya dai ta kira ni da wayar Inna. Ta ce sun yanka sabon kwali, suna yin ta zagayawar jini, kuma sun yi awa guda suna gardama a kan kalmar da za su ɗora tsakanin huhu da zuciya. Ta ce, "Yaya, ke me za ki rubuta?" Na ce ta fara karanta mini nata tukuna.